Na sayi cikakkiyar inshora, amma aka riƙe min yuro 1,200 a kanta

Motar haya ta sati guda a intanet a yuro 140, ga CDW, wato kariyar lalacewar mota, a ciki, ga wani ɗan akwati a ƙasa da ke cewa in na ƙara yuro 6 a rana zan samu cikakkiyar kariya. Na danna, na biya, na ce wa uwargida ai ko bango muka daka ba ruwanmu, ita kuma ta ce Allah Ya kiyaye, wace irin magana ce wannan.

Mun sauka, mun bi layi, na miƙa lasisi da fasfo ina murmushi irin na wanda ya gama biya tun daga gida. Sai ma'aikaciyar ta ce in kawo katin bashi mai sunana za ta riƙe yuro 1,200. Na ce Malama ki duba dai da kyau, ni fa ina da inshora har kashi biyu. Ta juyo min da fuskar kwamfuta ta ɗora yatsa a kan wani layi, Excess 1,200, ta ce yallaɓai wannan kasonka ne.

To ga yadda abin yake, don na ji bayanin ina tsaye da jaka a kafaɗa mutanen baya suna ta tsaki. CDW ɗin nan alƙawari ne kamfanin haya ya yi cewa in motar ta lalace ba zai bi ka duka kuɗinta ba, ya yafe, amma yafiyar tana farawa ne daga saman wani adadi. Duk abin da ke ƙasan adadin naka ne. In ɓarnar ta 300 ce ka biya 300, in ta 9,000 ce ka biya 1,200 su ɗauki saura. Yanzu ku yi tunani, ɓarna nawa ce ta yau da kullum take wuce 1,200? Ƙujewar fenti, lotsewar ƙofa, madubin gefe, duk a ƙasa suke, wato CDW na jiran babban hatsari ne, ƙananan da suka fi faruwa kai da aljihunka.

Na ce to wadda na ƙara a intanet fa, ta yuro 42 ɗin? Ta ce wannan ba tasu ba ce, ta dillalin da na kama motar ta hannunsa ce, su ba su da wata yarjejeniya da ita. Aikinta maida kuɗi ne kawai, kamfanin haya zai cire nasa daga katina tukuna, ni kuma in kwashi takardu in je in nemi a biya ni. Ba ta rage kason nan ko da sisi a kanta. In ina so kason ya koma sifili, a kuma rage abin da za a riƙe, akwai tasu Super CDW a yuro 25 kullum. Na buga lissafi a ka, 175 ke nan a sati, kariyar ta fi motar tsada! Ta faɗa kuwa cikin tausayawa kamar mai ba ni shawarar lafiya. Na ƙi. Biyan abu ɗaya sau biyu ba da ni ba.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne riƙewar nan, duk da ba cirewa ba ce, tana cinye iyakar katin. Katina iyakarsa 1,500, an toshe 1,200, aka ƙara wani abu na mai a kai, da muka isa otal na miƙa shi da ƙarfin gwiwa na'ura ta ƙi shi a gaban jama'a. Uwargida ta buɗe jaka ta biya da nata ba ta ce uffan ba, shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Tuƙin satin kuwa sai wanda ya gani, kamar na ɗauko tiren ƙwai a ka. Tsofaffi a kan keke suna wuce ni. Ta ce maigida kawo sitiyarin nan kafin mu kwana a hanya, na ce a'a, sunanki ba ya cikin takardar, in wanda ba a rubuta ba ya tuƙa aka samu matsala CDW ɗin gaba ɗaya ta rushe, ba sauran maganar 1,200, duka kuɗin motar za a ɗora mana. Haka in ka hau hanyar da ba kwalta alhali yarjejeniya ta hana. Ta ce tunda ka zama lauya sai ka ƙara wuta.

Duk wannan lallaɓawar, a wurin fakin na ƙarƙashin ƙasa wani ginshiƙi ya matso ya ƙuje min bamba ta baya ina ribas. Har gobe ina kan bakana shi ya matso, lokacin da na shiga ba a nan yake ba. Washegari kuma gefen titi ya yanki tayar gaba ta yi ƙulu.

Ranar maidawa wani saurayi ya zagaye motar da ɗan ma'auninsa na roba mai ramuka, yana ɗorawa a kan kowane tabo. Ya tsaya a ƙofar direba ya nuna wata lotsewa, nan fa na zaro waya, don kafin in tada motar a ranar farko na yi mata bidiyo ciki da waje na kuma sa an rubuta lotsewar a takardar fita. Ya duba ya wuce. Da ba haka ba da ta zama tawa, kuma a matsayin hatsari daban, domin kason nan ana lissafa shi ne a kan kowane hatsari, ba sau ɗaya ba ne na duk satin. Ka daki gaba ranar Litinin ka daki baya ranar Laraba, kaso biyu ke nan.

Bamba 380, farashin da ya karanto daga jadawalinsu ba tare da wani bakanike ya gani ba. Kuɗin cike takardu 50, e, ana biyan wannan ma. Taya 160, ita kuma ya ce ba ta cikin CDW tun asali, ita da gilashi da ƙarƙashin mota da rufi da makulli, da zuba man da ba nata ba. Jimla 590, aka zare daga katin ina kallo, sauran da aka toshe kuma bai dawo nan take ba sai da banki ya ga dama.

Kafin in bar wurin na tsaya kai da fata sai an ba ni rahoton ɓarna mai sa hannu da rasit mai nuna kowane abu da kuɗinsa, saurayin yana ta cewa za a turo ta imel, na ce ɗan uwa ina nan, ban da sauri. Masu maida kuɗin sun nemi waɗannan biyun, da yarjejeniyar haya, da hotuna, da bayanin banki mai nuna an cire kuɗin da gaske, sannan akwai wa'adin da in ya wuce ba su karɓa. Na tura, suka ce hoton rasit bai fito ba, na sake turawa, suka ce a ina hatsarin ya faru kuma laifin wa, na rubuta musu ginshiƙi.

Bayan makonni suka biya 540, bamba da taya, suka ce kuɗin takardu ba ya cikin sharuɗɗan tawa. Uwargida ta ga alat kafin ni, ta ce madalla, sai a fara cire mata kuɗin otal.