Ƙannena masu karatun kimiyya, ku daina cewa "ai haka yake" a kan boron da oksijin

Assalamu alaikum ƙannena ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe na sakandare da ke ƙauyukanmu na yankin Ringim da kewaye, masu shirin zana WAEC da NECO da JAMB. Akwai wata ɗabi'a da nake gani a takardunku idan ina duba amsoshin kemistiri, kuma tana damuna ƙwarai. An tambayi yaro dalilin da ya sa cire elektiron na farko daga boron ya fi sauƙi a kan cire shi daga beriliyam, sai ya rubuta layi ɗaya: wai beriliyam a cike yake, saboda haka ya fi natsuwa. An tambaye shi naitirojin da oksijin, sai ya sake kawo maganar nan, ya ce rabin cika ne. Ka tsare shi ka ce me ya sa cikar take hana cirewa, sai ya sunkuyar da kai. Wannan hadda ce, kuma ranar da mai tambaya ya ɗan karkata tambayar, haddar za ta watsa muku ƙasa a ido.

Mu fara da abin da ake aunawa. Makamashin ayonaizeshan na farko shi ne ƙarfin da ake buƙata a fizge elektiron ɗaya, wanda ya fi sauƙin fita, daga kowane atam da ke yanayin iska, ana lissafa shi da kilojul a kan mol guda. A layi na biyu na jadawalin sinadarai, litiyam na da 520, beriliyam 899, boron 801, kabon 1086, naitirojin 1402, oksijin 1314, fulorin 1681, niyon 2081. Ku samu takarda da biro ku zana su da hannunku, kada ku tsaya kallon zanen littafi. Za ku ga layin yana hawa, ya ɗan zame a boron, ya ci gaba da hawa, ya sake zamewa a oksijin.

Hawan ya kamata a fara ganewa, domin wanda bai san dalilin hawa ba ba zai san dalilin zamewa ba. Daga wannan sinadari zuwa na gaba, furoton ɗaya ake ƙarawa a cibiyar atam, elektiron ɗaya kuma a waje. Sai dai elektiron na waje ba ya jin jan cibiyar gaba ɗaya, saboda sauran elektiron suna tunkuɗa shi, suna rage masa abin da ke isowa gare shi. Ku tuna zaman jin ɗumi da asubahin hunturu: waɗanda suka zauna gabanka su ne ke tare maka wuta, amma wanda ke zaune a gefenka kaɗan yake tarewa. Elektiron biyu na 1s su ne 'yan sahun gaba, kuma adadinsu ba ya canjawa daga litiyam har niyon. Sababbin da ake ƙarawa duk a gefe suke zama, a bene na biyu. To itace ake ta ƙara wa wutar, masu tarewa na gaba ba su ƙaru ba, dole ɗumin da ke isowa ya yi ta ƙaruwa. Abin da ke isowa bayan an cire tarewar shi ne cajin da elektiron yake ji a zahiri, ana rubuta shi haka: Z_eff = Z − S, inda Z take adadin furoton, S kuwa kariyar da sauran elektiron suka yi.

John Slater ya fitar da wata hanya mai sauƙi ta ƙiyasta S a 1930. Ga elektiron na bene na biyu, kowane ɗan 1s yana tare 0.85, kowane abokin zama a bene ɗaya yana tare 0.35. Litiyam ke nan 3 a cire 1.70, saura 1.30. Beriliyam 4 a cire 2.05, saura 1.95. Boron 5 a cire 2.40, saura 2.60. Kowane mataki ana samun ƙarin 0.65, shi ya sa atam ke ƙara tsukewa, cire elektiron ke ƙara wuya.

A nan nake so ku buɗe ido. Lissafin Slater ya ce boron ya fi beriliyam, amma awo ya ce cire elektiron daga boron ya fi sauƙi da kilojul 98. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari sun maƙale a wannan wuri, sun ɗauka kuskuren lissafi suka yi. Lissafinsu daidai ne. Ƙa'idar ce take da iyaka, domin ta zuba 2s da 2p a rukuni ɗaya kamar abu ɗaya ne, alhali bambancinsu shi ne tushen maganar duka.

Tsarin beriliyam 1s² 2s² ne, na boron kuwa 1s² 2s² 2p¹. Ashe elektiron da ake cirewa ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Na beriliyam ɗan 2s ne, na boron ɗan 2p. Elektiron na 2s yana da ɗan kaso na zamansa can ciki dab da cibiya, ya kutsa ta ƙarƙashin 'yan 1s, kuma a wurin yana jin jan furoton kusan ba tare da kariya ba, kamar yaron da ke sahun baya amma ya zura hannuwansa tsakanin na gaba har bakin wuta. Na 2p bai iya wannan kutse sosai ba, yiwuwar samunsa a daidai cibiya ma sifili ce. Saboda haka 'yan 1s sun fi tare shi, sannan ga 'yan 2s biyu su ma suna tare masa wani abu. Sakamakon shi ne matakin makamashin 2p ya fi na 2s tsawo, kuma tazarar ta isa ta cinye ribar furoton ɗayan da aka ƙara har ta wuce. Ga shaidar cewa kariya ce ke raba su: a atam ɗin haidurojin, inda elektiron ɗaya ne tak babu mai tare wani, 2s da 2p makamashinsu ɗaya ne a lissafin da kuke yi. Sai an samu wasu elektiron a ciki suke rabuwa.

Kada kuma ku wuce gona da iri. Boron ya sauka ƙasa da beriliyam, amma 801 ya fi 520 na litiyam nesa ba kusa ba. Jan cibiya yana nan yana aikinsa, zamewa ce kawai aka yi a kan hanyar hawa.

Zamewa ta biyu dalilinta daban ne, kuma nan ne kuka fi haɗa su ku yi musu amsa ɗaya. Naitirojin 2p³ ne, oksijin 2p⁴. Duka biyun daga 2p ake cirewa, don haka maganar kutsen 2s ba ta shigo nan ba ko kaɗan, wanda ya kawo ta ya ɓata amsarsa. Obital uku ne a 2p. Bisa ƙa'idar Hund, elektiron uku na naitirojin kowa ya kama obital nasa shi kaɗai, juyinsu ya fuskanci gefe ɗaya, kuma masu irin wannan juyi suna kauce wa juna, tunkuɗar da ke tsakaninsu ta ragu. Da aka zo oksijin babu sauran obital da ba kowa, dole na huɗu ya shiga inda wani yake. Caji iri ɗaya biyu a fili ɗaya, tunkuɗa ta ƙaru, kuma ƙarin ya fi abin da sabon furoton ya kawo, sai makamashin ya sauka daga 1402 zuwa 1314. Daga nan fulorin da niyon suka ci gaba da hawa, domin su ma daga obital mai biyu ake cirewa, yanayin bai sake canjawa ba, furoton kuwa ƙaruwa yake yi. Idan malaminku ya ce rabin cika yana da natsuwa, gaskiya ya faɗa, amma sunan abin ya ba ku. Dalilin shi ne wannan, kuma dalilin nake so in gani a takardarku.

Layi na uku ya maimaita abin. Magniziyam 738, alminiyam 578, saboda an tashi daga 3s zuwa 3p. Fosfaras 1012, salfa 1000, saboda an fara haɗa biyu a 3p. Ku lura da yadda zamewar salfa ta yi ƙanƙanta, 12 kacal, alhali ta oksijin 88 ce. Obital ɗin 3p ya fi na 2p faɗi, elektiron biyun sun sami sararin nisantar juna, tunkuɗar ba ta yi tsanani ba. Mai hadda ba shi da abin cewa a kan wannan bambanci, don a wurinsa duka rabin cika ne.

Na san halin da kuke ciki. Da yawanku sai kun dawo daga gona ko kiwo ko kun gama aikin gida kuke samun buɗe littafi, bayan isha'i, da fitilar caji da ke dushewa tun ba a gama shafi biyu ba. Shi ya sa haddar layi ɗaya take muku daɗi. Amma wannan babi ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko wani sinadari da ba mu da shi, biro da takarda sun isa. Duk lokacin da aka ba ku sinadarai biyu maƙwabta, ku rubuta tsarin elektiron na kowanne tukuna, da akwatunan obital da kibiyoyinsu, ku sa alama a kan wanda za a cire. Sannan ku duba ko ya fito daga ƙaramin bene daban da na maƙwabcinsa, kamar 2p maimakon 2s, ko kuma shi ne farkon wanda ya sami abokin zama a obital. In babu ko ɗaya, ƙarin furoton ne zai yi rinjaye, makamashi ya hau.

Ga gwajin da nake yi wa ɗalibaina don in bambance wanda ya gane da wanda ya haddace. Nakan ce, to idan elektiron na biyu za a cire fa, ina zamewar za ta kasance? Mai hadda yakan ce boron da oksijin nan take, don sunayen ya riƙe. Ku yi shi da hannu ku gani. Boron da ya riga ya rasa ɗaya ya koma 2s², irin tsarin beriliyam. Kabon da ya rasa ɗaya ya koma 2s² 2p¹, irin tsarin boron. To zamewar dole ta matsa gaba da mataki ɗaya, ta faɗa tsakanin boron da kabon, kuma haka awo ya nuna: makamashi na biyu na boron 2427 ne, na kabon 2353. Ta ɗayan ɓangaren, oksijin da ya rasa ɗaya ya zama 2p³, fulorin da ya rasa ɗaya ya zama 2p⁴, sai aka samu 3388 ga oksijin, 3374 ga fulorin. Zamewar tsarin elektiron take bi, ba ruwanta da sunan sinadari.

Yau da dare ku gwada wannan da alminiyam da silikon. Ku rubuta tsarin kowanne bayan ya rasa elektiron ɗaya, ku yanke hukuncin wanda makamashinsa na biyu zai fi yawa, ku rubuta dalilinku a jimla biyu da ta ambaci 3s da 3p da kariya. Bayan kun gama sai ku gwada amsarku da awo: alminiyam 1817, silikon 1577. Allah Ya ba ku fahimta, Ya sa ku fita da sakamako mai kyau.