Maganin rage zafi ba sallama ba ne

"Likita, takardarku ta ce an daina ba Baba maganin kashe ciwon daji, sai na rage zafi. Kun haƙura da shi ke nan?"

Alhaji, ba mu haƙura ba. Ciwon dajin da ya fara a mafitsarar Baba ya bazu zuwa ƙashin baya da hanta. A wannan mataki ƙarin ruwan da ake kashe ciwon daji da shi ba zai warkar da shi ba, amai da kasala kawai zai ƙara masa, ga hantar ma ba za ta iya ɗauka ba. Abin da muke nema yanzu shi ne ya yi barci, ya ci abin da ransa ke so, ya yi salla ko da a kwance, ya yi hira da jikokinsa ba yana nishi ba.

Na san mofin ne ya tsorata ku, wato maganin rage zafi mai ƙarfi da muka rubuta masa. In aka fara da kaɗan, ana ƙarawa daidai da zafin, ba ya gajarta kwana. A ba shi na sha duk bayan awa 4, kada a jira sai ya yi kuka, domin zafin da ya riga ya taso ya fi wuyar kwantarwa. Zai yi gyangyaɗi a kwanakin farko, wannan yakan wuce. Taurin bayan gida kuwa ba ya wucewa, shi ya sa muka haɗa da mai tausasa ciki.

In ya rage cin abinci, kada Hajiya ta matsa masa; cutar ce ta kashe masa sha'awa. Amma in ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi jinkiri sosai, ko ƙafafunsa suka mutu farat ɗaya, ku kira mu nan take.