Ba tari ake aunawa ba, numfashi ake ƙirgawa

"Na kai ɗana, wata 8, gidan likita a Zinder da tari. Malamar ta ɗaga rigarsa tana kallon agogo, ta ba mu ƙwaya, ko allura babu. Anya ta san aiki?"

Hajiya, aikin ke nan. Jami'an lafiyar al'umma a Najeriya suna da rubutaccen littafin umurni da suke bi, namu na nan ma tsarinsu ɗaya kan ciwon huhun yara. Ana ƙirga numfashi minti ɗaya cur, yaro yana kwance lafiya lau, don kuka yana ɓata lissafi. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce.

Idan na ɗanki ya kai, a ce, 56, yana kuma shan nono, maganinsa amoksisilin ne mai narkewa a ruwa, safe da yamma. Ki ƙarasa kwanakin da ta faɗa ko ya warware. Nan iyaye da yawa suke sakaci.

Amma in ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga ta kama shi, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ki koma nan take. Umurninta shi ne ta ba shi maganin farko, ta tura ku babban asibiti.