Ragowar mutum dubu tara ba ta isa hujja ba

Wasu kan ce: "In an fara bincike da jarirai dubu 17, rabi suka ɓace, ai ragowar ma sun isa."

Matsalar ba ta yawa ba ce, ta waɗanda suka fita ce. A Birtaniya an ɗauki jarirai wajen dubu 17 da aka haifa cikin mako guda na Maris 1958, ana ta bibiyarsu har girma. Ƙarfin wannan hanya shi ne an rubuta nauyin jariri da halin gidansu tun kafin a san abin da zai zama, ba a dogara da tunin mutum ba. Amma da suka kai shekara 55, kimanin dubu tara ne suka amsa tambayoyin binciken.

Fitar ba ta kan mai uwa da wabi ba ce. Maza da 'ya'yan talakawa da waɗanda karatu ya ba wahala sun fi ɓacewa. A ƙaddara yara 100 ne daga gidajen talakawa, 40 suka taso da rashin lafiya. In 20 daga marasa lafiyar suka fita, tare da masu lafiya 10, saura 20 cikin 70, wato kashi 29 maimakon 40. Sai illar talauci ta yi kamar ta ragu, alhali babu wanda ya warke.

Ana gane hakan ta komawa bayanan haihuwa, a kwatanta waɗanda suka tsaya da waɗanda suka tafi. Sannan a ƙara wa amsar masu kama da ɓatattun nauyi a lissafi. Gyaran yana da iyaka, domin abin da aka auna tun farko kaɗai yake iya cikewa.