Jawabin ciwon kai a asambuli: a daina tsayawa kan "ku sha ruwa"

Hunturu ya kama, an soma kai ma'aikatan lafiya makarantun sakandare na Kumasi su yi wa ɗalibai jawabin ciwon kai a asambuli. Abin haushi, jawabin bai wuce "ku sha ruwa, ku rage kallon waya, ku yi barci" ba. Yaron da ya taso a Aboabo ko Asawase ya ji wannan daga bakin kakarsa tun yana firamare.

Camfin da ya fi yi wa yaranmu illa shi ne wai farasitamol ba ya cutarwa, kuma shi ne ba a taɓawa. A ɗauki ɗaliba 'yar shekara 16 da kanta ke sarawa kwana huɗu a mako, tana haɗiyar ƙwaya biyu kafin aji. A wata ta sha magani kwana 16 ke nan. Wanda ya kai kwana 15 a wata yana shan farasitamol ko ibufurofen, har ya haura wata uku a haka, maganin da kansa yana iya zama mai tayar da ciwon. In mai haɗe da kafeyin ne, kwana 10 ma ya isa. Ana gane shi da cewa ciwon ya koma kusan kullum, ya lafa in an sha, ya dawo da zarar ƙwayar ta sake ta. Maganinsa dainawa ne tare da kulawar nas, kuma a faɗa mata gaskiya: kan zai ƙara sarawa na mako ɗaya ko biyu kafin ya yi sauƙi. Ƙwayar miligiram 500 kuwa, ko babba ba ya wuce takwas a awa 24, da tazarar aƙalla awa huɗu, kuma magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Wa ya faɗi wannan a asambuli?

Sai masu mayar da kowane ciwon kai maleriya, a ruga kyamis ba gwaji. Gwajin ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba.

Wasu malamai na cewa ambaton sanƙarau zai firgita yara. Wannan ragwanci ne. Yaran da ke kwana a cunkushe cikin ƙurar hunturu su suka fi cancanta su san cewa zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, har haɓa ta kasa taɓa ƙirji, ko haske ya riƙa damun ido, ko ruɗewa, ba na jiran gari ya waye ba ne. Haka ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, da amai ko magagi bayan buguwar kai a filin ƙwallo, da jijjiga, da mutuwar hannu ko karkacewar baki, balle ga mai sikila. Wannan asibiti ne nan take, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Hukumomin ilimi su sa waɗannan alƙaluma cikin jawabin, a manna alamomin a ƙofar kowane ɗakin kwana, a kuma bai wa shugabannin ɗalibai damar tada malami ko da ƙarfe biyun dare ne.