Kuɗin obataim: jimillar awanni ba ta isa hujja ba

Akwai wata ɗabi'a da nake gani wurin ma'aikatanmu na masana'antu, masu gadi da direbobin kamfani, kuma tana cinye musu kuɗi a ɓoye. Idan takardar albashi ta fito, mutum zai duba awa nawa aka rubuta masa na obataim, ya kwatanta da abin da ya riƙe a kansa, in ya ga sun yi kusa sai ya ninke takarda ya sa aljihu. Ni a ganina wannan dubawar ba ta da amfani a duk wurin da kuɗin awa ya bambanta tsakanin ranar aiki, ƙarshen mako da ranar hutu. Awanni za su iya cika cif, kuɗi kuma ya yi gibi, domin an zuba awa a gidan da ba nata ba.

Ƙanina yana aikin inji a wata masana'antar roba a Sharaɗa, nan Kano. Ƙarshen watan Yunin 2025 ya shigo wurina bayan isha'i da takardarsa, ya ce: "Yaya, ni dai jikina ya ba ni kuɗin nan bai cika ba, amma awannin kusan daidai suke." A ɗan littafin da yake rubutawa yana da awa 38. A takardar kamfani an rubuta 37.2, kuɗin kuma naira 25,250.

Abin da na fara tambayarsa shi ne takardar ɗaukarsa aiki. Mutane da yawa sun ɗauka doka ce ta ce a biya ninki biyu ranar hutu. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ce awannin da suka haura na aikin yau da kullum obataim ne, amma ba ta yanke nawa za a biya ba. Wannan yana cikin yarjejeniyarka da kamfani, ko wadda ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla a madadinku. Saboda haka abin da abokinka yake karɓa a Bompai ba hujjarka ba ce a Sharaɗa.

A tasu yarjejeniyar, gundarin albashi ake rabawa da awa 176, wato kwana 22 sau awa 8. Gundarin nasa naira 88,000 ne, ban da alawus na mota da na gida, don haka awarsa ɗaya naira 500 ce. Ranar aiki, duk awar da ta haura takwas ana biyan ɗaya da kwata, naira 625. Asabar da Lahadi ɗaya da rabi, naira 750. Ranar hutun gwamnati ninki biyu, naira 1,000, a kan albashin wata.

Sai muka ɗauko kalanda, muka bi littafinsa rana bayan rana. Ranakun aiki ya yi ƙarin awa 14: kwana huɗu na awa biyu da rabi, kwana biyu na awa biyu. Ya yi Asabar biyu, 14 da 21 ga wata, awa takwas-takwas, 16 ke nan. Sai Litinin 9 ga Yuni, da aka kira shi ya yi awa takwas alhali mutane suna gida suna suyar nama. Wannan Litinin tana cikin kwana biyun da gwamnatin tarayya ta bayar na hutun Babbar Sallah, ita da Juma'a 6 ga wata. Lissafi ya ba mu 8,750 na ranakun aiki, 12,000 na Asabar, 8,000 na hutu. Jimilla naira 28,750. An rage masa 3,500.

Da muka koma kan takardar kamfani, gidan hutu babu komai a ciki, gidan ranakun aiki kuwa ya kumbura zuwa 21.2. Akawun ya san awannin Litinin ɗin obataim ne, ya saka su, amma da yake fom ɗin ya nuna Litinin, sai suka tafi a kan 625. Naira 375 sau takwas, 3,000 ta tafi. Ba na cewa da gangan aka yi. Ranakun da ba sa motsi, irin su 1 ga Mayu, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, tun farkon shekara ake saka su a kwamfuta. Sallah da Mauludi kuwa suna bin ganin wata, sanarwar hutun takan fito ne ana saura 'yan kwanaki, sai wani ya tuna ya shigar da ita da hannu. Shi ya sa watan Sallah ne watan da ya fi cancanta ka zauna da takardarka.

Sauran 500 ɗin ita ta fi ba ni haushi, duk da ƙanƙantarta. Awa biyu da minti talatin an buga ta 2.30, alhali 2.5 ce, tunda minti sittin ne a awa, ba ɗari ba. Kowace rana an ci masa minti 12, kwana huɗu minti 48. Hanyar gane wannan ba ta da wuya: in kana tashi ne a kan kwata ko rabin awa, abin da ya kamata ka gani bayan ɗigo shi ne 25, 5 ko 75. Da ka ga 15, 3 ko 45, an ɗauki minti an mai da shi kaso. Masu haɗa takardar a Excel, ku bar kwamfuta ta yi muku, in lokacin shiga yana B2 na fita yana C2:

```
=MOD(C2-B2,1)*24
```

Wannan yana aiki har ga wanda ya shiga da dare ya fita da safe.

Akwai kuma inda na so na wuce gona da iri. Ya yi aikin dare ranar Laraba 11 ga wata, daga goma na dare zuwa shida na safiyar Alhamis 12 ga Yuni, ranar dimokuraɗiyya. Na ce masa awa shida sun faɗa cikin hutu, ya nemi kuɗin hutu a kan kowace. A ofis suka nuna masa cewa su ranar da aka shiga aiki suke bi, ba ƙarfe sha biyun dare ba. Ya tambayi waɗanda suka shiga daren Alhamis, suka ce an biya su awa takwas ɗinsu duka a kuɗin hutu, duk da shida sun faɗa Juma'a. Tunda mudu ɗaya aka auna wa kowa, na janye. Da a ce daren Laraba sun bi ranar shiga, daren Alhamis kuma sun yanke a sha biyu, da wannan cuta ce ƙarara.

Da zai koma ofis na hana shi zuwa da maganar "kuɗina bai cika ba", domin amsarta ɗaya ce, za a duba. Takarda guda muka rubuta: kwanan wata, wace rana ce, lokacin shiga da fita, kuɗin awar da ya dace da wanda aka biya. Ya haɗa da hoton rajistar da sufabaizansu ya sa wa hannu. Akawun ya duba bai yi musu ba, ya ce sai a albashin Yuli, domin an riga an rufe na Yuni.

A Yulin aka saka masa 3,000 ta Litinin ɗin Sallah, haka ma sauran mutum biyar da suka yi aiki ranar tare da shi. Ita 500 ta mintoci har yau ba ta fito ba. Amma daga watan Agusta, 2.5 ake rubutawa a takardarsa.