Jadawalin da ya cinye sallar Asuba

Wata ɗaliba ta tsara jadawalin da duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah. Tashi ƙarfe 3 na dare, nafila, haddar shafi biyu kafin Asuba, makaranta, sannan bitar darussa har ƙarfe 11. Ko minti goma ba ta bari ba. Abin da ba ta lura da shi ba, barcin awa huɗu kacal ta ware wa jikinta.

Ba a je ko'ina ba ta fara gyangyaɗi a kan Alƙur'ani. Shafin da ya kuɓuce yau ta ɗora wa gobe, gobe ta ɗora wa jibi, bashi ya taru har ta koma kawar da kai idan ta wuce takardar a bango. Ranar da ta farka ta tarar rana ta fito ba ta yi Asuba ba, da kuka ta je wa malamarta.

Malama ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce: "'Yata, kin san Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi? Kullum azumi, dare kuma tsayuwa. Annabi (SAW) ya ce masa jikinka yana da hakki a kanka, idonka ma yana da hakki. Da tsufa ya zo masa, cewa ya riƙa yi ina ma ya karɓi rangwamen. Ke nafila ce ta ci miki farilla, a nan ɓarnar take."

Ta sa ta ajiye jadawalin, ta yi mako guda tana rubuta abin da take yi a zahiri. Sai ga shi ƙwaƙwalwarta ta fi kamawa bayan Asuba, bayan Isha'i kuwa ido kawai ke bin layi.

A kan wannan suka gina sabon tsari, kuma da salloli suka ɗaure shi, ba da agogo ba, don motsi kaɗan ke ɓata lissafin agogo, salla kuwa dole a tsaya mata. Barci ƙarfe 10. Bayan Asuba rabin shafi, sai darasin da ya fi ba ta wuya. Bayan La'asar tilawar abin da ta riga ta haddace. Sabuwar hadda kwana biyar a mako, kwana ɗaya na cike giɓi, ɗaya na hutu. Ranar rashin lafiya ko jarrabawa, layi uku sun wadatar, kuma babu ramuwa.

'Yan uwa, kada ku raina rabin shafi. A Alƙur'ani bugun Madina izu ɗaya kusan shafi 10 ne, ke nan izu guda duk mako huɗu. Nana A'isha ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Nafilar dare ma ba ta yar da ita ba. Ta mayar da ita raka'a biyu da wutiri kafin ta kwanta, tashin dare kuma ta bar shi ga daren da ba ta da makaranta washegari.